Sun ce in biya cikon kuɗin fenti a sabon asusu kafin ƙarfe huɗu, in tura ko in dakata?

Nasiru Sabon Gari:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah ina neman shawara cikin gaggawa. Ni ke riƙe da lissafin shagon fenti na Kawuna a Sabon Garin Zariya tun da na gama difloma, shekara biyu ke nan. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, kuma akwai waɗanda a cikin gida har yau ba su ji daɗin ba ni littafin shagon da ya yi ba, kullum jira suke in yi kuskure. Yanzu ya tafi Umara, sai mako mai zuwa zai dawo, ya bar min komai a hannu.

Akwai kamfanin da muke ɗaukar kaya bashi a wurinsu. Mako uku da suka wuce sun sauke mana bokiti 40, kowanne ₦16,000, ya kama ₦640,000, da harajin VAT ₦48,000, jimla ₦688,000. Mun biya ₦300,000, saura ₦388,000. Jiya Alhamis wajen sha biyu saura na dare sai ga imel da tambarinsu, wai ba mu biya ba, mu biya kafin ƙarfe huɗu na yau Juma'a ko a ɗora mana tarar kashi goma a cire mu daga masu karɓar kaya bashi. Sun ce ana binciken tsohon asusunsu, mu tura a wani sabo. Da safe kuma saƙon waya ya biyo baya da magana iri ɗaya. Na kira, sun tabbatar min. Kuɗin daidai ne har kwabo, lambar takardar ma daidai. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. In tura?

Alhaji Sani Mai Taya:
Wa'alaikumus salam. Yaro, share shi ka je ka yi shirin masallaci. 'Yan 419 ne. Shekarata ashirin da wani abu ina kasuwanci tsakanin PZ da Legas, ban taɓa ganin kamfanin kirki ya nemi bashinsa ta imel ba. Mai bin ka kuɗi ƙafarsa yake kawowa, ko ya aiko yaronsa da takarda mai hatimi. Abu ɗaya zan ce ka duba: Turancin saƙon. Za ka ga kurakurai birjik, nan babban baƙi a inda bai dace ba, can kalma a karye. Ta nan ake kama su, ba sa iya Turanci.

Maman Ilham:
Innalillahi, ni irin wannan ce ta cinye min ₦27,000 bara ana gab da ƙaramar salla. Saƙo ya shigo wayata wai akwai tsohon bashin wuta a kan mitarmu ta gidan Tudun Wada, in ban biya ₦2,500 ba za a toshe mitar. Abin da ya ruɗe ni, saƙon ba da lambar waya ya zo ba, da suna ya zo a sama kamar yadda na banki ke zuwa. Na taɓa shuɗin rubutun, ya kai ni wani shafi, na sa lambar katina gaba da baya, aka turo min lambobin nan shida na OTP na sa. Ban ma ajiye wayar ba na ji alat. Kuɗin ɗinkin yara ne wallahi. Maigidan sai da ya yi kwana biyu yana min magana a ciki-ciki, alhali shi ne ya bar min biyan wutar tun farko, da ya riƙa biya da kansa ai da ba a kai ga haka ba.

Nasiru Sabon Gari:
Allah ya mayar miki da alheri Maman Ilham. Alhaji, na gode, amma Turancin tsaf yake, babu kuskure ko ɗaya. Kuma su wannan kamfanin da ma ta imel suke turo mana takardar kaya duk wata, ba yau aka fara ba. Na sa sabuwar lambar asusun a manhajar banki don in gani, sunan kamfanin ne ya fito, ba sunan mutum ba.

Alhaji Sani Mai Taya:
To ai ka ga da ka faɗi wannan tun farko da ba mu wahala ba. In dai sunan kamfani ya fito, magana ta ƙare, ka biya mutane kuɗinsu. Banki ba ya buɗe wa ɓarawo asusu da sunan kamfani, sai da takardun CAC. Ɓarayin nan sunan mutum ne ke fitowa a nasu. Kada ka jawo wa Kawunka tarar ₦38,800 a banza, sannan a rufe masa ƙofar bashi. Ka san wahalar samun kamfanin da zai ba ka kaya ka sayar ka biya a wannan zamanin?

Ɗanlami Kwangila:
Ka duba balans ɗinka tukuna kafin ka ba su kayan. Alat na bogi ya yi yawa, jiya ma an yi wa wani mai shinkafa a gefenmu, buhu biyu.

Mubarak Samaru:
Ɗanlami, ba shi za a biya ba, shi zai biya. Karanta da kyau.

Malam Nasiru, sunan da ka gani a saman imel ba komai ba ne, kowa zai iya rubuta sunan da ya ga dama a wurin, ko ni yanzu zan iya turo maka saƙo da sunan gwamnan babban banki. Adireshin da ke ƙarƙashin sunan shi ne abin dubawa. In Gmail kake amfani da shi a waya, buɗe saƙon, taɓa inda aka rubuta `to me` a ƙarƙashin sunan mai aikowa. Zai buɗe maka `From`, in kuma akwai `Reply-to` shi ma zai nuna. Sai ka nemo wani tsohon saƙonsu na wata uku baya wanda ka tabbatar nasu ne, ka jera su harafi da harafi. In adireshin ya zo ɗaya, nasu ne, ka biya hankali kwance.

Hajiya Binta Akanta:
Nasiru, kafin a je ga harafi, tambaya ɗaya zan yi maka ka amsa min tsakani da Allah. Ka ce ka kira sun tabbatar maka. Lambar da ka kira, a ina ka samo ta?

Nasiru Sabon Gari:
A ƙasan imel ɗin take Hajiya. Ita ce kuma a saƙon wayar. Mutumin ya yi magana cikin natsuwa, ya san sunan shagonmu, ya san Kawu, har ya ce a gaishe shi.

Hajiya Binta Akanta:
To ɗana, ba ka tabbatar da komai ba. Wanda ya rubuto maka takardar shi ka tambaya ko takardar gaskiya ce, me kake so ya ce?

Ni aikina ke nan, shekara goma sha ɗaya ina biyan masu kawo kaya a inda nake aiki, kuma ka'idar da aka ɗora mu a kai ita ce ba a canza asusun mai kaya saboda saƙo, ko da saƙon daga adireshinsa na gaskiya ya fito. Sai an kira shi ta lambar da muke da ita tun kafin saƙon ya zo. Kai ma kana da irinta. Ɗauko webil ɗin da direba ya kawo ranar da aka sauke bokitan nan 40, akwai lamba a kansa. Akwai wakilin da ke zuwa shagonku, lambarsa na wayar Kawunka ko a bangon littafin shago. Wannan za ka kira. Kuma in ya ɗauka kada ka karanto masa sabuwar lambar ka ce "ita ce?", mutum na tsakiyar hidima zai iya ce maka e ya wuce. Ka ce masa, a wane asusu zan biya cikon, karanto min. Ka ji lambobi goman daga bakinsa, kana duba takardarka.

Alhaji Sani, da girmamawa, maganar suna ba haka take ba. Gaskiya ne sai da takardar rajista ake buɗe asusun kasuwanci, amma rajistar sunan kasuwanci ba wuya gare ta ba, kuma sunaye na kama da juna. Nasiru, sake sa lambar ka karanta sunan har ƙarshensa, ka kwatanta da wanda ke kan rasit ɗin ₦300,000 da kuka biya. Kalmar ƙarshe nake so ka duba.

Alhaji Sani Mai Taya:
Hajiya, ku 'yan ofis komai sai kun mai da shi dogon Turanci. Mu a kasuwa amana muke ci. Yaron nan ya ce kuɗin daidai ne har kwabo. Ɓarawo boka ne da zai san an biya 300 saura 388? Ku bar shi ya sauke nauyin da ke kansa.

Nasiru Sabon Gari:
Abin da ni ma nake ta faɗa wa kaina ke nan Alhaji. Ga abin da na gani, na canza sunan kamfanin saboda bai dace in sa shi a nan ba, amma yadda haruffan suke haka na bar su:

```
From:     accounts@kamfaninfenti.com
Reply-to: accounts@kamfanlnfenti.com
```

Na saman daidai yake da na tsofaffin saƙonninsu. Na ƙasan ne na ga kamar `i` ta zama `l`, kuma a tsofaffin babu layin `Reply-to` ma gaba ɗaya. Wataƙila kuskuren bugawa ne, su ma mutane ne. Sunan asusun kuma, tsohon yana ƙarewa da `NIGERIA LIMITED`, sabon da `VENTURES`. Amma ai manyan kamfanoni suna da rassa.

Mubarak Samaru:
Kai! Wannan ba kuskuren bugawa ba ne malam. Ba a kuskuren bugawa a wannan layin, wani ne ya zauna ya sayi adireshi mai kama da nasu, ya sa shi a wurin da gangan. Amfaninsa shi ne duk amsar da ka mayar ba za ta je kamfanin ba, wurinsa za ta. Ƙaramar `l` da `i` a allon waya kusan abu ɗaya ne, haka `rn` da `m`, shi ya sa suke son su. Na janye maganata ta ɗazu cewa in na sama ya yi daidai ka biya, na yi gaggawa.

Hajiya Binta Akanta:
Madalla da ka janye Mubarak, domin nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Adireshin da ya saɓa yana nuna maka ƙarya ce. Adireshin da ya dace ba ya nuna maka gaskiya ce. Ana iya ƙirƙirar layin sama, ana kuma iya shiga akwatin imel na ma'aikacin kamfanin a turo saƙo daga cikinsa, ka ga a lokacin komai zai fito daidai tunda daga gidan ya fito.

Sai tambayar Alhaji, wadda tambaya ce mai kyau, ta yaya suka san 388. Ba bokanci ba ne, karatu ne. Wani yana zaune cikin akwatin imel ɗin ɗayanku, ko naku ko na kamfanin, yana karanta abin da ke wucewa. Ya ga takardar ₦688,000 ta wuce. Ya ga kun tura shaidar biyan ₦300,000. Ragi kawai ya yi. Tambarin da lambar takardar ma daga can ya kwafo, sunan Kawu kuma yana kan kowace takarda. Irin waɗannan ba sa gaggawa, sukan yi makonni suna kallo har sai sun ga bashi ya kusa biya. Saboda haka daidaituwar kuɗin ba ta wanke saƙon ba, ni ƙara tayar min da hankali ma ta yi.

Ka lura kuma da lokacin da suka zaɓa. Sha biyun dare ranar Alhamis, wa'adi ƙarfe huɗu na Juma'a, ranar da rabin ta ke tafiya a masallaci, daga ita kuma sai Asabar da Lahadi da ba za ka samu kowa a banki ba. Kamfanin da kuka shekara kuna hulɗa, wanda ya yarda ya sauke muku kayan dubu ɗari shida ba ku ba da ko sisi ba, ba zai ba ku awa goma sha shida ba. Tarar kashi goman nan, tana cikin yarjejeniyarku? Ka taɓa ganin ta a wata takarda tasu?

Faɗa min, a 'yan makonnin nan akwai wani saƙo da ka buɗe ya nemi ka sa kalmar sirrin imel ɗinka?

Nasiru Sabon Gari:
Tarar dai ban taɓa gani a rubuce ba, amma Kawu ne ya yi magana da su tun farko, ban san me suka ƙulla ba. Maganar kalmar sirri kuma, akwai wani da ya zo kamar mako biyu da rabi da suka wuce, da takarda a maƙale mai suna `Invoice_0417.pdf.html`. Da na taɓa sai ya nuna shafin shiga Gmail, wai in sake shiga kafin in ga takardar. Na sa, sai shafin ya tsaya fari fat. Na ɗauka matsalar sabis ce, ranar ko kira ba ya shiga sosai a layinmu. Ai ba ni kaɗai ke buɗe imel ɗin shagon ba, yaron Kawu ma yana da shi a wayarsa.

Mubarak Samaru:
Shi ke nan, ga ƙofar da suka shigo. Takardar PDF ta gaskiya da `.pdf` take ƙarewa, kuma buɗewa kawai take, ba ta tambayar kalmar sirrin imel ɗinka. Wannan da `.html` ta ƙare, wato shafi ne aka yi masa rigar takarda. Abin da ka rubuta a ciki hannunsu ya tafi kai tsaye.

Yanzu-yanzu ka shiga `myaccount.google.com`, ka je `Security`, ka canza kalmar sirri, ka duba `Your devices` ka fitar da duk wayar ko kwamfutar da ba ka sani ba, ka kunna `2-Step Verification`. Amma kada ka tsaya nan. Samu kwamfuta, ko ka shigo Samaru in duba maka, ka buɗe `Settings` na Gmail ka leƙa wurare biyu: `Forwarding and POP/IMAP` da `Filters and Blocked Addresses`. Sukan sa umarni a wurin cewa duk saƙon da ya zo daga kamfanin a tura musu kwafi, ko a ɓoye shi kada ka gani. Canza kalmar sirri ba ya goge wannan umarnin, yana nan yana aiki sai ka cire shi da hannu. Ba mamaki ma kamfanin sun turo maka saƙon gaskiya a kwanakin nan ba ka gani ba.

Usman Gyallesu:
Duk wannan laifin kamfanonin ne. Ni wani da nake saro kaya a wurinsa a Kano ya canza asusu sau uku a shekara ɗaya, kuma duk gaskiya ne, ta WhatsApp kawai yake turo lamba ko sallama babu. Na ƙi biya sau ɗaya na ce sai na tabbatar, mutumin nan ya yi fushi ya riƙe min kaya mako biyu, kwastomomina suka koma maƙwabci. To yanzu wanne mutum zai yi? Ka biya a cuce ka, ka ƙi biya a yi fushi da kai.

Hajiya Binta Akanta:
Malam Usman, ana canza asusu da gaske, ban ce ba a yi ba. Amma akwai hanyar da ba ta ɓata wa kowa. Tsohon asusun da ka saba biya, in har yana karɓar kuɗi, biya a cikinsa ba ya zama laifi, kuɗin hannun mai shi suka je. Nasiru ma zai iya sa tsohuwar lambar a manhaja ya gani ko sunan na fitowa.

Alhaji Sani Mai Taya:
Ai sun ce ana binciken tsohon. In ya tura can kuɗin suka maƙale fa? Wa zai biya? Ku da ke ba da shawara daga ɗaki mai sanyi? Ni dai na faɗa, kuma ban canza ba: tun farko na ce harkar imel ɗin nan ba ta da albarka. Da Kawunsa ya tsaya a kan takarda da hatimi irin namu da duk wannan bai taso ba. Ni ko yau yarona na aika Legas da kuɗin mota ya je ya ga mutum ido da ido.

Maman Ilham:
Alhaji ɗazu fa kai ka ce ya biya.

Alhaji Sani Mai Taya:
Na ce ya biya in sunan kamfanin ne. Shi ne bai karanto mana sunan duka ba.

Nasiru Sabon Gari:
Don Allah a daina ɗora min laifi, ni ma ƙoƙari nake kada a ce Kawu ya juya baya na ɓata masa hulɗar shekaru. Kuma ba duka na tura ba. Da safe bayan mun yi waya da mutumin, ya ce in sa wani abu ko yaya ne don ya nuna wa manajansu cewa muna da niyya, sai na tura ₦50,000. Daga aljihuna ne, ban taɓa kuɗin shago ba. Na ga in ma ƙarya ce asarar ba ta kai ta duka ba, in kuma gaskiya ce na tsare mana mutunci.

Mubarak Samaru:
Haba malam Nasiru. Tun ɗazu muna ta zuba ashe an riga an yi.

Hajiya Binta Akanta:
Ba lokacin faɗa ba ne. Ƙarfe nawa ka tura? Ajiye komai ka kira bankinka ta lambar da ke bayan katinka, ba wata lamba da za ka samo a intanet ba, domin akwai masu jiran irinka a can ma da sunan ma'aikatan banki. Ka ce musu ka tura kuɗi ga wanda kake zargin ɗan damfara ne, kana so su sanar da bankin da ya karɓa a dakatar da fitar kuɗi daga asusun. Za su nemi lambar asusun, adadin, lokacin, da doguwar lambar nan ta `Session ID` da ke kan rasit ɗin tiransifa. In za ka iya, ka je reshe da ƙafarka kafin su rufe, ka rubuta ƙorafi a takarda, a ba ka lambar ƙorafin ka riƙe. Ɗauki hoton imel ɗin da layukan nan biyu a buɗe, da saƙon wayar, da lambar da ka kira, kada ka goge komai. Mai yiwuwa su ce ka kawo rahoton 'yan sanda, kuma mayar da kuɗi daga asusun wani sau da yawa sai da umarnin kotu. EFCC ma suna da ofishi a Kaduna in abin ya kai can.

Ba zan yi maka alkawarin za su dawo ba. Irin wannan asusun ba a barin kuɗi su kwana a ciki, ana shiga ake kwashewa zuwa wani ko a cire a wurin mai POS. Amma in ka kira yanzu akwai ɗan dama, in ka bari sai Litinin babu.

Hamsin ɗin nan kuma ba ta tsare maka komai ba, ta nuna musu ne cewa kana biya. Za su sake kira.

Nasiru Sabon Gari:
Wajen tara da rabi na tura. Amma Hajiya, in na sa aka toshe asusun sannan ya zamana reshensu ne na gaskiya fa? Da wane ido zan kalli Kawu, an ce yaronsa ya kai kamfani ƙara a banki? Na kira lambar wakilin nasu da ke kan webil sau uku, tana shiga ba a ɗauka. Ina ga masallaci ya tafi. Bari in ji daga bakinsa tukuna.

Hajiya Binta Akanta:
Tara da rabi, yanzu biyu ta wuce. In reshensu ne, waya ɗaya za su yi da bankinsu a warware, kuma su da kansu za su so su san wani na amfani da sunansu, domin ba ku kaɗai ke karɓar kayansu ba. Kira biyun ba sa hana juna, yi su tare. Kuma ka sanar da Kawunka, akwai WhatsApp a Makka. Tambaya ɗaya ce, akwai tarar kashi goma a tsakaninku ko babu.

Nasiru Sabon Gari:
Kawu ibada ya je yi, ba zan ɗaga masa hankali a kan abin da ban tabbatar ba. Kuma in ya ji, kafin magariba duk gidan sun ji.

Ɗanlami Kwangila:
Ni shawarata ka sake kiran mutumin ka yi masa barazana, ka ce yayanka soja ne a Depot. Wallahi da gudu zai dawo da kuɗin. Na taɓa yi wa wani haka.

Mubarak Samaru:
Kada ka yi. Da ya ji an gane shi zai kwashe abin da ya rage ya jefar da layin. Ka canza kalmar sirrin kuwa?

Usman Gyallesu:
Bankunan ma ai sai a hankali. Ni na taɓa kuskuren tura ₦18,000 ga wani, lamba ɗaya na saɓa, wata huɗu ina zarya ana ce min in dawo gobe, har takalmina ya cinye. Ƙarshe haƙura na yi.

Alhaji Sani Mai Taya:
Ka ji ko? Shi ya sa na ce a bar wa Allah hamsin ɗin, a kama bakin sauran. Gobe ka shiga mota ka je ofishinsu na Kaduna da kanka, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce daga Kwangila. Ka ga mutum, ka ba shi kuɗinsa a hannu, ya buga maka hatimi. Magana ta ƙare.

Hajiya Binta Akanta:
Zuwa ofishin shawara ce mai kyau Alhaji, in suna buɗewa ranar Asabar. Ɗaukar ₦388,000 a aljihu a kan hanya ne ban yarda da shi ba, kuma ban ga dalilin yafe hamsin tun ba a gwada ba.

Nasiru Sabon Gari:
Kalmar sirrin na canza, na ga wata kwamfuta a jerin da ban sani ba na fitar da ita, sai dai zai iya yiwuwa ta shagon buga takardu ce da na taɓa shiga a Tudun Wada. Sauran wuraren da Mubarak ya ce sai na samu kwamfuta. Wakilin har yanzu bai ɗauka ba, na tura masa saƙo.

Mutumin ɗazu ya sake kira yanzu uku da kwata. Ya ce ya yi magana da manaja, in na cika ₦200,000 kafin huɗu za a yafe tarar, sauran a bari sai Kawu ya dawo. Shi ya ambaci dawowar Kawu, ni ban tuna na gaya masa ya yi tafiya ba, ko da yake wataƙila na faɗa da safe. Na ce masa manhajar bankina na ba ni matsala. Bankin ban kira ba tukuna, ina so wakilin ya ɗauka dai.

Maman Ilham:
Nasiru don girman Allah ka kira bankin.

Ɗanlami Kwangila:
Wai nawa kuke sayar da bokitin farin a shagon? Ina da ɗaki biyu da zan shafa.